Kafin ka ba wani kuɗinka ya juya: yadda ake raba riba da asara a mudaraba da musharaka

A kwanakin nan da wuya mako ya wuce ba ka ji wani yana tallar “kasuwancin halal” ba: ka kawo naira dubu ɗari biyar, a riƙa ba ka dubu hamsin duk wata, uwar kuɗinka kuma tana nan daram, ranar da ka so ka karɓa. Don a kwantar maka da hankali sai a ce ai mudaraba ce. To wannan ba mudaraba ba ce a kowace mazhaba. Bashi ne ka bayar da sharaɗin ƙari, wato kuɗin ruwa, kuma sau da yawa ma babu wani kasuwanci a bayansa.

Mudaraba, wadda malamanmu na Malikiyya suka fi kira ƙiradi, ba sabon abu ba ce. Akwai babinta a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, akwai hukuncinta a Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Tsarinta mutum biyu ne: ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya kawo aiki da sanin kasuwa. Tun kafin a taɓa kuɗin sai su yi ittifaƙi a kan kason kowa daga ribar da za a samu, rabi da rabi ne, ko kashi 60 da 40 cikin ɗari, ko yadda suka ga dama. Kason daga riba ake yanke shi. Ba ya halatta a yanke shi daga jari, kuma ba ya halatta a ambaci tsayayyen adadi kamar “dubu hamsin duk wata”, domin babu wanda ya san ko za a ci ribar dubu hamsin ɗin.

Mu ɗauki misali. Hajiya ta ba ɗan ƙanenta naira miliyan biyu ya sayi masara da kaka a kasuwannin ƙauye, ya ajiye a sito a Dawanau, ya sayar idan ta yi daraja. Sun yi magana kashi 60 na riba nata, 40 nasa. Ya sayi masara ta miliyan ɗaya da dubu ɗari tara, sauran dubu ɗarin ta tafi a kuɗin buhu, lodi, mota, hayar sito da maganin ƙwari. Bayan wata biyar ya sayar a kan miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Abu na farko shi ne a ware wa Hajiya miliyan biyunta cif. Abin da ya saura, dubu ɗari huɗu, shi ne riba: ta ɗauki dubu 240, ya ɗauki dubu 160. Ba shi da albashi a kan wannan, kasonsa shi ne ladan wahalarsa. Sai dai Malikiyya sun yarda ya ci abinci daga cikin jarin gwargwadon al'ada idan tafiya ta kama shi saboda kasuwancin, kuma jarin mai kauri ne.

Yanzu a ce kasuwa ta juya, masara ta faɗi, ya sayar a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. An yi asarar dubu ɗari uku. A nan ne zumunci ke lalacewa, domin Hajiya za ta ce, “Ni dai kuɗina na ba ka, kuɗina nake so.” A shari'a kuwa asarar kuɗin gaba ɗaya tata ce. Yaron ba zai biya ko kwabo ba; tasa asarar ita ce wata biyar da ya yi yana zirga-zirga a banza. Kuɗin amana ne a hannunsa, ba bashi ba. Ko da tun farko sun rubuta cewa shi zai cike duk wani giɓi, sharaɗin ɓatacce ne. Dalilin a fili yake: abin da ya halatta wa Hajiya cin riba alhali tana zaune a gida shi ne ta yarda kuɗinta ya shiga haɗari.

Amma wannan ba lasisin wasa da dukiyar mutane ba ne. Mai juya kuɗi yana biya idan asarar ta zo ta hanyar sakacinsa, ko ha'inci, ko saɓa sharaɗi. Idan ya jibge buhuna a sito mai yoyo har suka yi fumfuna, ko ya ƙi sa magani ƙwari suka cinye, wannan sakaci ne. Idan an ce masa masara kawai, shi kuma ya karkata kuɗin zuwa sayen wayoyi, ko ya ba abokinsa rance, ya saɓa, kuma sai ya biya. Faɗuwar farashi, gobarar da ba shi ya jawo ba, ko fashi a hanyar da kowa ke bi, waɗannan ba laifinsa ba ne. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne riba ba ta tabbata sai an sayar da kaya an ga jari ya dawo. Idan zagayen farko ya kawo ribar dubu ɗari biyu, na biyu ya kawo faɗuwar dubu ɗari uku, kuma ba a rufe lissafi a tsakani ba, ribar farko ita za ta fara toshe ramin.

Musharaka kuma tarayya ce da kowa ya zuba kuɗinsa. A ce Malam ya sa miliyan ɗaya da rabi, abokinsa ya sa dubu ɗari biyar, suka buɗe shagon atamfa a Kantin Kwari. Idan suka yi asarar dubu ɗari huɗu, Malam zai ɗauki dubu ɗari uku, abokin dubu ɗari, domin asara tana bin gwargwadon jari, kuma malamai ba su yi saɓani a kan haka ba. A wajen riba ne aka rabu. Malikiyya da Shafi'iyya sun ce ita ma ta bi jari. Hanafiyya da Hanbaliyya sun yarda a ƙara wa wanda ke zaman shago kaso fiye da na jarinsa, kuma wannan ra'ayin ne bankunan Musulunci na zamani suka fi aiki da shi.

Ko a bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, asusun zuba jari na mudaraba a kan wannan ƙa'idar yake: kai ne mai jari, banki ne mai juyawa. Adadin da ma'aikaci zai faɗa maka hasashe ne, abin da ke cikin yarjejeniya shi ne kason rabo. Ka nemi a nuna maka shi a rubuce.

Saboda haka duk wanda ya zo maka da maganar juya kuɗi, ka tambaye shi wace haja za a saya, a ina, kuma wa zai ɗauki asara idan an faɗi. Idan ya ce ai ba a faɗuwa, ka riƙe kuɗinka. Masu irin wannan alƙawari yawanci da kuɗin sababbin shiga suke biyan na farko, kamar yadda MMM ta yi har ta tsaya da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Wannan izinin daga hukumar SEC ko Babban Bankin Najeriya yake fitowa. Idan kuwa da ɗan'uwa ne ko maƙwabci, kada kunya ta hana ku rubuta adadin jari, kason riba, irin hajar da ranar rufe lissafi, ku sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.