Lambar Bin Sawun Kaya Ta Tsaya Cak: Yaushe Ne Shirun Ke Nufin Kaya Sun Ɓata?

Mazauna Lugbe suna ganin jirage na wucewa ta samansu zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, shi ya sa wanda ya yi odar kaya daga Sin yake zaton ƙunshinsa a bakin ƙofarsa zai sauka. Galibi ba haka abin yake ba. Yawancin ƙananan kayan da ake saye ta waya, ko sun biyo gidan waya ko kamfanin dako, a Legas suke fara sauka, sannan a ɗoro su a mota ta hanyar Lakwaja, ko a jirgin cikin gida, zuwa Abuja. A tsakanin nan ne lambar bin sawu ke yin shiru na mako biyu ko uku, hankalin mai kaya ya tashi.

Ƙorafin ya ƙaru ne saboda masu odar sun ƙaru. AliExpress ya daɗe a hannun masu sayar da kayan waya da 'yan kunne da agogo, sannan Temu ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024 ya jawo waɗanda ba su taɓa sayen komai daga waje ba. Sabon shiga yakan ɗauka lambar nan tana bin kayansa ne kamar yadda taswirar waya ke bin mota. Daga nan kuskuren ke farawa. Babu wata na'ura a jikin ƙunshin da ke faɗin inda yake. Takarda ce kawai mai zanen layuka, kuma shafin ba ya motsi sai wani ma'aikaci ya haska ta da na'ura a wata tasha, sannan kwamfutar wurin ta tura labari. Idan an zuba ƙunshin cikin babban buhu tare da ɗaruruwan irinsa aka ɗaure, buhun ake haskawa, ba shi ba. Kaya na iya ratsa rabin duniya alhali shafi na nuna maganar makon jiya.

Don haka yawan kwanakin shirun ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne a wace gaɓa aka yi shirun. Kwana ashirin a wata gaɓar ba komai ba ne, kwana biyar kuwa a wata gaɓar abin tashi tsaye ne.

Kafin a kai ga gaɓoɓin, ita kanta lambar tana da abin faɗi. Lambar gidan waya ta ƙasa da ƙasa, bisa tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya mai hedikwata a Bern, gurbi goma sha uku gare ta: haruffa biyu, alƙaluma tara, sai haruffa biyu na ƙasar da ta bayar da lambar, kamar RR123456785CN. Harafin farko shi ke faɗin irin hidimar da aka biya. E na saƙon gaggawa ne na EMS, C na babban ƙunshi, R na saƙo mai rajista, L na ƙaramin ƙunshin da ake bin sawunsa. U kuwa na kayan da ba a biya kuɗin bin sawu ba ne. Wanda lambarsa ta fara da U yana iya ganin motsi biyu ko uku a cikin Sin, daga nan shiru har ranar da kaya suka iso, kuma babu laifin kowa, jigila mai araha aka zaɓa. Lambar da ba ta da wannan siffa ta kamfanin dako ce, kuma sau da yawa idan kayan suka iso Najeriya ana miƙa su ga wani kamfanin, irin su Speedaf, a manna sabuwar lamba. Tsohuwar ta mutu ke nan, kayan kuwa suna nan da ransu. Shafuka irin 17TRACK sukan nuna sabuwar lambar a ƙarƙashin tsohuwar, kuma nan ya kamata a fara leƙawa.

Mu ɗauki misali. Wata mai sayar da jakunkuna a Sabon Lugbe ta yi odar kayan dubu tamanin ranar 11 ga Nuwamba, ranar babban rangwamen shekara a kasuwannin intanet na Sin. Washegari shafi ya nuna "Shipment information received". Wannan ba ya nufin an aiko da komai. Mai kanti ya buga takardar mannawa ne kawai, kayan na iya kasancewa a kan kantarsa, ko ma bai samo su ba tukuna. A lokacin cunkoso irin wannan, ko a hutun farkon Oktoba da na sabuwar shekarar Sinawa da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, kwana huɗu ko biyar a haka ba abin mamaki ba ne. Amma idan aka haura kwana goma babu alamar mai dako ya karɓa, a ganina wannan ne shiru mafi muni, ko da yake shi ne mutane suka fi yi wa haƙuri. Kayan da ba a aiko ba ai ba a hanya suke ba, jira ba zai kawo su ba.

A misalinmu an karɓi kayan ranar 15, ranar 19 kuma shafi ya ce sun bar ƙasar da aka aiko su. Daga nan sai shiru har 9 ga Disamba. Wannan shirun na kwana ashirin shi ke hana mutane barci, kuma shi ne mafi ƙarancin haɗari. Kalmar "sun bar ƙasa" sau da yawa tana nufin an rufe buhu an miƙa wa masu jirgi, ba wai jirgin ya tashi ba. Kayan araha suna jiran gurbi ne a cikin jirage, kuma kayan da aka biya wa tsada su ake fara lodawa. Ga kuma sauyin jirgi a Addis Ababa ko Dubai ko Doha, inda babu mai kwance buhu ya haska abin da ke ciki. An ga iyakar wannan a 2020, lokacin da Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga fasinjojin ƙasashen waje daga Maris zuwa farkon Satumba saboda korona: da yake wasiƙu da ƙananan kaya a cikin jiragen fasinja suke tafiya, lambobi sun yi watanni ba motsi, daga baya kaya da dama suka ɓullo.

Da zarar shafi ya nuna kaya sun iso Najeriya, lissafi ya sauya. Yanzu akwai ofis da mutum da za a iya tambaya. "Held by customs" na nufin kayan na hannun kwastan, ko don bincike, ko don ana jiran rasit ko biyan haraji. Irin wannan shirun ba ya warwarewa da kansa idan wani abu ake jira daga mai kaya, kuma ba kullum sanarwar ke iso masa ba. Mako guda a nan ya isa a kira kamfanin ko a je gidan waya da lambar da katin shaida. A lura kuma, a daidai wannan gaɓa ne 'yan damfara ke turo saƙon tes cewa a biya kuɗin kwastan cikin asusun wani mutum. Kuɗin hukuma ba ya shiga asusun mutum, kuma yana zuwa da rasit.

Gaɓar ƙarshe ita ce ta Lugbe kanta, kuma ina ganin a nan kaya suka fi salwanta, ba a sararin sama ba. Wanda ya rubuta adireshinsa "bayan gidan mai, Lugbe" ya bar ɗan aike da aiki, domin Lugbe ta miƙe a gefe biyu na titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, daga rukunin gidajen FHA zuwa Tudun Wada da Pyakasa da rukunonin gidaje masu ƙofa da maigadi. Mai babur ba adireshi yake bi ba, waya yake kira. Idan lambar wayar ta yi kuskure wajen cike fom, misali an bar sifilin farko bayan +234, ko mai kaya ba ya ɗaga baƙuwar lamba, sai a rubuta an gwada kaiwa ba a samu kowa ba, ƙunshi ya koma ma'ajiya. Kayan gidan waya kuwa sukan zauna a ofis suna jiran mai su, shafi na nuna tsohon labari saboda ba a shigar da sabon ba. Ba a ajiye su har abada. Bayan wani wa'adi ana mayar wa mai aikowa. Mai jakunkunan nan, idan kayanta sun bar Legas ranar 12 ga Disamba, zuwa 19 babu kira, abin yi shi ne ta taka da ƙafarta zuwa ofishin kamfanin, ko gidan waya mafi kusa, ko babban gidan waya na Area 10 a Garki, ta nemi a duba littafi da ma'ajiya, ba allon kwamfuta kaɗai ba.

To yaushe za a ce kaya sun ɓata? Ni dai ina duba abu uku a haɗe: ranar ƙarshe da aka yi alƙawarin isowa ta wuce, shiru ya kai wata guda a gaɓa ɗaya, kuma an tambayi wanda ya haska kayan a ƙarshe ya kasa nuna inda suke. Akwai alamar da ta fi waɗannan ƙarfi ga mai yawan oda: kaya biyu sun bar Sin rana ɗaya ta hanya ɗaya, ɗaya ya iso tun makonni biyu, ɗayan ko motsi. Sai kuma "Delivered" alhali ba a kawo komai ba. Wannan ba shiru ba ne, amma ya fi shiru gaggawa. A fara tambayar maigadi da maƙwabta, sannan a nemi sunan wanda ya sa hannu da garin da aka kai kayan. Idan garin Fatakwal ne, ko nauyin da ke rubuce bai yi kama da na kayan ba, mai yiwuwa lambar wani aka ba ka.

Illar da shirun ke jawowa ta fi faɗawa kan masu ƙaramin jari. Mai jakunkuna ta karɓi kafin alƙalami daga kwastomomi masu shirin bikin Disamba, kuɗinta a ɗaure, amanarta na zubewa. Wasu sukan sake odar kayan don gudun kunya, sai duka biyun su iso bayan biki ya wuce. Amma asarar da ta fi yawa tana zuwa ne ta wajen wa'adi. Kowace oda tana da kwanakin kariyar mai saye da ke rubuce a shafinta, kuma suna ƙirguwa ko lamba na motsi ko ba ta yi. Mai kanti zai yi ta cewa a ƙara haƙuri da mako guda, wani ma ya roƙi a janye ƙorafi zai sake aikowa. Wanda ya biye masa har wa'adi ya cika ya rasa kaya ya rasa kuɗi. A shigar da ƙorafin a cikin manhajar kafin ranar, da hoton shafin bin sawu, kuma kada a danna an karɓi kaya alhali ba su zo hannu ba.

Idan kuma ɗan'uwa ne ya aiko da saƙo ta gidan waya daga Landan ko Jidda, ƙa'idar daban ce. Gidajen waya na karɓar neman bincike cikin wata shida daga ranar aikawa, kuma diyya haƙƙin mai aikawa ce, sai in ya sallama wa mai karɓa. Saboda haka shi za a kira ya koma inda ya aika da rasit ɗinsa ya cike takardar bincike. Diyyar ma tana da iyaka, ba ta bin kuɗin abin da ke ciki sai an yi masa inshora, kuma wasiƙa ko ƙaramin ƙunshin da ba shi da rajista galibi ba a biyan komai a kansa.