Ka yi wa wayar fomatin, to memorin fa?

A kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano za ka ji wani ya rantse cewa duk hoton da ya taɓa shiga waya, mai gyara zai iya dawo da shi ko an yi mata fomatin sau goma. Na kusa da shi kuma ya ce ai da ka danna Delete magana ta ƙare. Dukansu biyu ba su faɗi daidai ba.

Batun Delete ba koyaushe yake gaskiya ba. Sau da yawa abin da yake sharewa sunan hoton ne daga jerin da waya ke dubawa, hoton kansa yana nan kwance har sai wani abu ya hau gurbinsa.

Maganar farko kuwa gaskiya ce a tsofaffin wayoyi. Amma duk wayar da ta fito da Android 10 na shekarar 2019 ko sama da shi, a kulle take ajiye bayanai da wani mabuɗin sirri. Idan ka yi Factory data reset, mabuɗin ne ke halaka, abin da ya rage kuma ba ya karantuwa. Haka Erase All Content and Settings yake aiki a iPhone. Sai dai ka fara cire asusunka na Google ko iCloud, don kada wayar ta tsare mai saye tana neman kalmar sirrinka.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne memori. Fomatin na waya galibi ba ya taɓa shi, kuma abin da ke cikinsa yawanci ba a kulle yake ba. A ce memorinka mai giga 32 ne, cike da hotunan iyali, da hoton katin ɗan ƙasa da ka taɓa ɗauka. Ka danna Format, cikin daƙiƙu kaɗan ya nuna maka fanko. Saurin nan shi ne shaidar cewa ba a goge komai ba, jerin sunayen kawai aka sabunta. Wanda ya sa shi a kwamfuta da manhaja ta kyauta irin PhotoRec zai kwaso mafi yawan hotunan.

Idan dole ne memorin ya tafi da wayar, ka sa shi a kwamfuta mai Windows, ka zaɓi Format, ka cire alamar da ke kan Quick Format. Wannan zai bi katin yana rubuta sifiri, kuma zai ɗauki mintuna masu yawa. In babu kwamfuta, ka yi masa fomatin, ka cika shi maƙil da finafinai har ya ce ba wuri, sannan ka sake fomatin.

Ko da hakan, memori na da ƴan gurabe na ajiya da rubutun ba lallai ya kai gare su ba. Shi ya sa ni shawarata ka zare shi tare da layinka ka riƙe, ko da ƙanenka za ka ba wayar, domin watarana shi ma zai iya sayar da ita. Idan kuma katin ya lalace, ka datse shi gida biyu da filaya kafin ka yar.