Yadda za ku shirya mara lafiya kafin ganin likita ta bidiyo

Likitan da ke duba mara lafiya ta kiran bidiyo ba ya iya taɓa shi, ba ya iya ɗora masa abin sauraron ƙirji. Abin da yake da shi kawai shi ne abin da waya ta kai masa: hoto da murya. Idan fuskar ta yi duhu, ko maganar tana yankewa, ko kuma mara lafiyan ya ji nauyin wanda ke zaune kusa da shi, likita zai yanke shawara ne a kan rabin bayani.

Mu ɗauki misalin wata dattijuwa mai hawan jini da ƙafafunta suka fara kumburi. Asibiti ya ba ta ƙarfe 10 na safe don ganin likita ta bidiyo, kuma ɗanta ne zai riƙe mata waya. Aikinsa yana farawa ne tun ana jajibiri.

Gwaji tun ana gobe

Abu na farko shi ne ya tabbatar da manhajar da asibitin ke amfani da ita, ko WhatsApp ce, ko Zoom, ko wata tasu ta daban. Idan sabuwa ce, ya sauke ta tun da wuri, ya ba ta izinin amfani da kyamara da makirufo. Sau da yawa abin da ke hana likita jin mara lafiya bai wuce wannan izinin da ba a bayar ba.

Daga nan ya zaunar da mahaifiyarsa a daidai wurin da za ta zauna, a daidai lokacin da za a yi ganawar, ya kira wani ɗan uwa ta bidiyo na minti biyar. Gwajin dare ba zai nuna yadda hasken hantsi yake a ɗakin ba.

Haske ya fito daga gaba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaunar da mara lafiya taga na bayansa. Kyamarar waya tana daidaita kanta da wurin da ya fi haske, sai tagar ta fito fes, fuskar kuma ta koma inuwa. Dattijuwar ta fuskanci taga ko ƙofa, wayar na tsakaninta da hasken. Rana kai tsaye ma ba ta da kyau, domin tana sa lumshe ido tana kuma zafafa waya. A kashe ƙwan lantarki mai launi, saboda likita na iya son duba farin ido ko ya yi ɗorawa, alamar shawara, ko cikin fatar ido ko ta koɗe.

A jingina wayar da wani abu daidai tsayin ido, kamar kamu ɗaya daga fuska. Hannu yana rawa, kuma hoton da ke motsi ya fi saurin dagulewa idan sabis ya yi rauni.

Idan aka zo duba ƙafar, ɗan ya juya zuwa kyamarar baya, wadda yawanci ta fi ta gaba kyau. Likita na iya cewa ya danna ƙwaurin da babban yatsa na ɗan lokaci sannan ya ɗaga, a ga ko wurin ya lotsa. Ba za a ga wannan lotsawar a ɗaki mai duhu ba.

Sauti ya fi hoto muhimmanci

Iskar fanka da ke bugun makirufo tana zuwa wa likita kamar guguwa, ko da ku a ɗakin ba ku ji komai. A juya fankar gefe, a kashe rediyo da talabijin, a zaɓi ɗakin da ya fi nisa da janareta. Idan likita yana jin muryarsa tana dawo masa, a rage ƙarar wayar ko a sa abin sauraro na kunne.

A tara duk magungunan da take sha a faranti ɗaya, cikin kwalayensu. Nuna kwali ga kyamara ya fi faɗar suna da baki, domin 5mg da 10mg suna iya rikicewa a kunne. Wannan na da amfani a nan musamman: amlodipine, wanda ake yawan bai wa masu hawan jini, kumburin idon sawu na cikin sanannun illolinsa. Idan akwai na'urar awon jini a gida, ta huta minti biyar a zaune, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta lambobin a takarda. Duk umarnin da likita ya bayar, ɗan ya maimaita masa shi da baki kafin a ajiye waya.

Sabis da caji

Sandunan sabis da ke saman waya suna nuna ƙarfin sigina ne kawai, ba saurin intanet ba. Buɗe fast.com a wurin zaman zai nuna ainihin saurin. Megabit biyu a daƙiƙa, idan ba ya hawa da sauka, ya isa kiran mutum biyu. A tanadi data kamar 500MB don kada ta ƙare ana tsaka da magana, a cika caji, a kashe hotspot da tsarin tattalin batir.

Akwai wata matsala da masu waya mai layi biyu ke cin karo da ita: a wayoyi da yawa, kira na shigowa ta ɗaya layin, data sai ta tsaya. A kashe layin da ba a amfani da shi har a gama. Kuma tun a farkon ganawar a yi yarjejeniya da likita: idan ya yanke, wa zai kira wa, kuma a wace lamba? Idan murya ta fara kakkatsewa, a kashe bidiyon a ci gaba da magana, a sake kunna shi lokacin da ake buƙatar nuna wani abu.

Sirri: mai taimako ma ya ba da wuri

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun ɗora wa asibitoci nauyin kare sirrin mara lafiya. Sai dai doka ba za ta rufe muku ƙofar ɗaki ba. Tsakar gida, inda kowa ke kai da komo, ba wurin ganin likita ba ne.

Da an fara, a gaya wa likita duk wanda ke cikin ɗakin, har wanda kyamara ba ta nuna shi. Mara lafiya ma tana da haƙƙin tambayar ko akwai wani a gefen likitan. Bayan ɗan ya gama nuna ƙafa da magunguna, ya ce: "Mama, bari in ba ku wuri," ya saka mata abin kunne, ya fita na minti biyar. Wataƙila sai a lokacin ne za ta faɗi cewa ta yi sati tana tsallake maganinta, ko tana shan jiƙo, ko tana sayen diclofenac a kemis saboda ciwon gwiwa. Irin wannan maganin yana iya ƙara hawan jini, ya kuma sa jiki ya riƙe ruwa, don haka maganar da kunya ta ɓoye tana iya zama ita ce amsar kumburin.

Idan an tura hoton wani sashe na jiki, a tura ta hanyar da asibitin ya bayar kawai, sannan a goge shi daga wayar da yara ke ɗauka. Kada a naɗi ganawar ba da yardar mara lafiya da likita ba.

Inda bidiyo ba ya isa

Idan kafin ƙarfe 10 ta yi dattijuwar ta fara haki tana zaune, ko ƙirji ya riƙe ta, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko kuma ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura farat ɗaya tana zafi, kada a jira kira. A kai ta sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, tare da kwalayen magungunan da takardar awon jinin.