Dace Sau Takwas a Jere: Sani Ne ko Sa'a?

Abokai biyu, ɗaya malamin lissafi ɗaya mai shagon littattafai, suna zaune a ɗakin karatu suna duba tsoffin mujallu, sai suka ci karo da labarin Paul. Wata dabbar teku ce mai hannuwa takwas da aka ajiye a garin Oberhausen na Jamus. A gasar cin kofin duniya ta 2010, akan ajiye mata akwatuna biyu na abinci, kowanne da tutar ƙasa, wanda ta fara buɗewa shi ne zaɓinta. Ta dace a wasannin Jamus bakwai, ta kuma zaɓi Sifaniya a wasan ƙarshe.

Mai shago ya rage murya ya ce, "Malam, sau takwas fa, babu kuskure. Ruwa ba ya tsami banza."

Malam ya jawo takarda. "Tara mutum 256, kowa ya jefa kwabo ya zaɓi ƙasa. Bayan wasan farko, kusan rabi ne za su dace, wato 128. Sai su koma 64, sai 32, 16, 8, 4, 2. A wasa na takwas, ana sa ran mutum ɗaya zai rage bai taɓa kuskure ba. Me ya sani game da ƙwallo?"

"Ai Paul ba ta cikin taron mutane."

"Tana cikin taron dabbobi, mutumina. An gwada da yawa a shekarar. Wani aku a Singafo mai suna Mani ya yi tashe, amma a wasan ƙarshe Holan ya zaɓa. Waɗanda suka faɗi tun farko kuwa, ko labarinsu ba a ji ba. Ita kanta Paul, a gasar Turai ta 2008, huɗu ta dace cikin shida."

Mai shago bai sauka ba. "Kenan dace ba ya tabbatar da komai?"

"Yana iyawa, amma da sharaɗi. A ware mutum ɗaya tun kafin a fara, ya rubuta hasashensa a ajiye, a ƙirga dacensa da kuskurensa duka. In ya dace sau 30 a jere a abin da yake rabi da rabi, sa'a kaɗai ba ta kawo hakan sai sau ɗaya cikin fiye da biliyan. Nan dole a bincika: ko ƙwarewa, ko maguɗi."

Wannan gardama ta shafi aljihunmu. Matasa da yawa suna zuba kuɗi a cacar ƙwallo saboda wani ya nuna musu takardun da ya ci, ya ɓoye waɗanda ya faɗi. Kafin ka miƙa ko naira ɗaya, tambaye shi sau nawa ya gwada gaba ɗaya, kuma ina sauran takardun.