An goge suna, amma lambar waya ta ƙi tafiya

Idan ka danna maɓallin gogewa a manhaja, ɗayan biyu ne ke faruwa a rumbun bayanai. Ko dai a cire layin bayananka ɗungurungum da umarnin `DELETE`, ko kuma a bar shi inda yake, a rubuta lokacin gogewar a wani gurbi da aka saba kira `deleted_at`, manhaja ta daina nuna shi. Magina manhaja kan zaɓi hanya ta biyu domin a iya dawo da abin da aka goge bisa kuskure, kuma kada tsofaffin rasitai su rasa sunan mai su.

Sai dai ɓoyewar tana da nata tsadar. A ce wani kanti yana rajistar abokan ciniki da lambar waya, an kuma kafa dokar `UNIQUE` don kada lamba ɗaya ta fito sau biyu. Wata mata ta rufe asusunta, bayan wata shida ta dawo yin sabo, sai manhaja ta ce lambar tana da mai ita. Ma'aikacin kanti ya duba allo bai ga kowa ba. Dalili kuwa shi ne dokar ba ruwanta da ɓoyewa, duk layin da ke tebur tana lissafa shi.

A PostgreSQL da SQLite, maganin shi ne a taƙaita dokar ga layukan da ba a goge ba:

```sql
CREATE UNIQUE INDEX waya_mai_aiki
ON abokai (waya)
WHERE deleted_at IS NULL;
```

Wasu kan yi dabarar haɗa `waya` da `deleted_at` a doka ɗaya. Nan ne ake faɗawa rami. Gurbin duk wanda ba a goge ba yana ɗauke da `NULL`, wato ba komai, kuma a tsarinsu na asali MySQL da PostgreSQL ba sa ɗaukar `NULL` biyu a matsayin abu ɗaya. Saboda haka asusu biyu masu aiki za su iya shiga da lamba guda, ba tare da wani gargaɗi ba.

Sai kuma binciken yau da kullum. Duk umarnin da ke neman abokan ciniki dole ya ɗauki sharaɗin `deleted_at IS NULL`. Idan aka manta shi a wuri ɗaya, rahoton wata zai ƙirga waɗanda suka tafi, saƙon talla ya je wa wanda ya rufe asusunsa. Alamar ita ce adadin rahoto ya zarce na allo.

Ko bayan gyara akwai sauran rina a kaba: idan matar ta buɗe sabon asusu, tsohon ba zai dawo ba sai an haɗe su, ko an rufe sabon. Wanda kuma ya nemi a shafe bayanansa gaba ɗaya, ɓoyewa ba ta biya masa buƙata ba, domin sunansa da lambarsa suna nan a tebur.