Ta Ina Bututu Zai Bi? Yadda Ake Lissafa Hanya Mafi Sauƙi a Kan Taswira

A ce an haƙa rijiyar burtsatse a gindin wani tsauni a ƙasar Bauchi, ana so a kai ruwan ƙauyen da ke nesa da ita da kilomita 3. Wanda ya ɗora rula a kan taswira zai ja layi ɗoɗar ya ce nan ne hanya. Amma masu haƙa rami sun san cewa layin ya hau dutse, ya ratsa gonaki, ya kuma faɗa fadama. Ma'aikatan taswira na zamani suna da dabarar da ke auna duk wannan wahala tun kafin a saro bututu ko ɗaya, kuma ita ce dai ake amfani da ita wajen fitar da hanyar ƙafa.

Ana farawa da yanka ƙasar gurbi-gurbi kamar filin dara, kowane gurbi mita 30 a tsaye, mita 30 a kwance. Irin wannan taswira ita ake kira rasta. Cikin kowane gurbi ana rubuta lamba ɗaya da ke nuna tsadar ratsa shi, ko ta kuɗi ko ta gumi. Lambar nan daga abu biyu take fitowa: gangara, da abin da ya rufe ƙasar.

Gangara ana samo ta ne daga taswirar tsayin ƙasa. Wadda aka fi sani ita ce SRTM, wadda kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auna da na'urar rada a watan Fabrairun 2000, kuma ana sauke ta kyauta. Kwamfuta tana kwatanta tsayin kowane gurbi da na maƙwabtansa takwas, ta fitar da karkatarsa a digiri. Abin da ya rufe ƙasa kuwa, akwai taswirar WorldCover ta hukumar sararin samaniyar Turai, ta 2020 da ta 2021, wadda ta raba doron ƙasa kashi 11, irin su gona, ciyayi, itatuwa, gine-gine da ruwa. Gurbinta mita 10 ne, don haka sai an daidaita ta da ta tsayin ƙasa, gurbi ya hau kan gurbi.

Daga nan ne aikin ya koma hannun mutum. Injiniya zai zauna da masu haƙa da mutanen gari su yanka wa kowane irin wuri farashi. Bari mu ɗauka sun ba fili mai ciyawa 1, gona 2 saboda diyyar amfanin gona, jeji mai sarƙaƙiya 3, fadama 10. Tafki kuwa an toshe shi gaba ɗaya, ba a ba shi lamba ba. Gangara ita ma an yi mata mataki: abin da bai kai digiri 5 ba 1 ne, daga 5 zuwa 10 ya zama 2, daga 10 zuwa 20 ya zama 4, abin da ya haura haka 10. Sai a ninka lambobin biyu. Gona a shimfiɗaɗɗen wuri ta tashi 2, jeji a gefen tsauni mai digiri 15 ya tashi 12.

Yanzu mu auna layin nan ɗoɗar. Kilomita 3 gurbi 100 ke nan. Gurbi 60 gona ce, tsadarsu 120. Gurbi 25 jejin tsauni ne, tsadarsu 300. Ragowar 15 fadama ce, 150. Jimla 570. Akwai kuma wata hanya da ta zagaye tsaunin, mai gurbi 130, wato kilomita 3 da mita 900. Ta bi fili mai ciyawa gurbi 70, gona gurbi 55, sannan ta tsallaka fadamar a inda ta tsuke, gurbi 5 kacal. Lissafinta 70 da 110 da 50, jimla 230. Ta fi tsawo da mita 900, amma tsadarta ba ta kai rabin ta miƙaƙƙiyar ba.

Hanyoyi biyu muka gwada da hannu. Kwamfuta kuwa ba zaɓi biyu take dubawa ba. Tana tashi daga rijiyar, ta riƙa bazuwa gurbi bayan gurbi, kullum tana fara shiga wanda ya fi araha, tana rubuta wa kowane gurbi mafi ƙarancin jimlar da za a kashe kafin a iso shi da kuma maƙwabcin da aka shigo ta kansa. Takun da aka yi a karkace ana ninka shi da 1.414, domin ya fi tsawo. Idan ta isa ƙauyen sai ta bi sawunta da baya har rijiya, hanya ta fito. Wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, shi ya wallafa wannan dabara a 1959. A manhajar QGIS, wadda kyauta ce, r.cost ne ke tara jimlar, r.path kuma ya bi sawun.

Sai dai a lura, lambobin nan ra'ayin mutane ne, ba awo ba ne. Da a ce sun ba gona 1, jejin tsauni 2, fadama 2, miƙaƙƙiyar hanya za ta tashi 140, mai zagaye 135. Tazarar da ta kai 340 ta koma 5. Saboda haka lamba 1 ya kamata ta tsaya a matsayin cikakken kuɗin mita 30 a fili mai sauƙi, har da kuɗin bututun kansa, kuma kada a ba dutse 12 sai idan da gaske fasa shi yana cin ninki goma sha biyu. Ƙwararru kan sauya lambobin sau da dama su sake lissafi. Inda hanyar ta ƙi motsi, a nan za a amince da ita. Inda take tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, nan ne wurin da ke buƙatar a je a gani.

Wasu kurakuran suna da alamarsu. Idan taswirar gangara ta nuna kusan ko'ina digiri 80 da ɗoriya, to an lissafa ta ne a tsarin da ke auna faɗi da digiri, tsayi da mita. Bauchi da Jos da Kano suna cikin shiyyar UTM ta 32 ta arewa, can za a fara mayar da taswirar. Idan hanya ta tsallaka rafin da aka toshe ba gada, yawanci ta silale ne a karkace tsakanin gurbi biyu da suka haɗu ta kusurwa, maganinsa a ƙara wa rafin kauri. Idan kuma tana yawo ba dalili, a duba ko an ba wani wuri sifiri.

Hanyar ƙafa tana da nata sharaɗin, domin hawa da sauka ba ɗaya ba ne. Ƙa'idar da masanin taswira Waldo Tobler ya fitar a 1993 ta nuna mai tafiya yana cin kimanin kilomita 5 a awa a fili, 6 a 'yar gangara mai sauƙi, ya kuma ragu sosai a hawa. Rastar tsada ba ta san ta wane gefe aka nufo gurbi ba, shi ya sa ake ɗaukar r.walk a irin wannan aiki. Shi ma bututun da ruwa zai gangara cikinsa da kansa, dole a duba tsayin ƙasa a tsawon layin, kada wani tudu ya ɗara tankin.

Akwai kuma abin da gurbin mita 30 ba ya gani: kwazazzabo mai faɗin mita 5, maƙabarta, burtali, ko gonar da ake shari'a a kanta. Don haka layin da kwamfuta ta zana ana saka shi a waya, a taka shi da ƙafa tare da mai unguwa da masu gonaki, kuma an fi so a yi haka da damina, lokacin da fadama ke nuna iyakarta ta gaskiya. Abin da aka gano a koma a gyara lambobin gurbin, a sake lissafi, sannan a kira masu diga da shebur.