Kafin Ka Biya Kuɗin Tokumbo, Duba Lambar Shasi

Mai sayen tokumbo yakan kai makaniki ya saurari inji, ya leƙa ƙasan mota, ya shafa fenti ko an taɓa yin gyaran jiki. Amma akwai lahanin da kunnen makaniki ba ya ji, domin da shi motar ta fito daga masana'anta. Idan irin wannan lahani na iya halaka mutum, kamfani yakan yi shelar a dawo da motocin a gyara kyauta. Sau da yawa motar tana hawa jirgin ruwa ba a kai ta gyaran ba.

Mafi muni shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke fitowa daga sitiyari ko dashbod lokacin haɗari. Sinadarin da ke hura ta, amoniyam naitiret, yana lalacewa idan ya shekara yana shan zafi da laima. Ranar da aka yi karo, sai ya fasa gwangwanin da yake ciki, ƙarafa su tarwatse a fuska da wuyan mutum. A Amurka kaɗai an janye irin waɗannan jakunkuna kusan miliyan 67, kuma abin ya ci rayuka. Ba wata fitila da ke kamawa a dashbod ta yi maka gargaɗi, wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

A ce dillali ya nuna maka Corolla ta 2004 da ta zo daga Amurka. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17. Gwada ta da wadda ke jikin ƙofar direba da ta takardun kwastan, sannan ka shigar da ita a nhtsa.gov/recalls. Idan ka ga "0 unrepaired recalls", babu gyaran da motar take bin kamfani. Idan jakar iska ta fito, ka tsaya. A 2024 Toyota ta ce kada a tuƙa Corolla ta 2003 da 2004 da ba a canja wa jakar ba. Kyautar gyaran a can take. Ka fara tambayar wakilin kamfanin na nan ko zai yi, da nawa, kafin a yi ciniki.

Shafin yana da iyaka. Motar da aka ƙera domin kasuwar Turai ba ta cikinsa, haka ma lahanin da bai kai a yi shela ba. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar fistin da ringi. Wannan sai ka zaro sandar awon mai, ka kuma sa a tayar da inji da sanyin safiya, ka duba ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi.